Yadda ake fassara hoton menu na gidan abincin China, a zaɓa wa matafiyi abin da zai ci

Duk lokacin da baje kolin Canton ya kama a Guangzhou, wato watan Afrilu da watan Oktoba, wayata ba ta hutawa. Mutum zai zauna a gidan abinci, a miƙo masa takarda cike da rubutun Sinanci, ya ɗauki hoto ya turo mini: "Malam, wanne zan ci?" Saboda tambayar ta yi yawa, ga yadda nake bin aikin daki-daki, don wanda ke da ɗan'uwa a can ya iya taimaka masa ko da bai taɓa koyon yaren ba, ko matafiyin ya yi wa kansa. Na tsaya kan China domin ita na sani, kuma can ne 'yan kasuwarmu suka fi shan wahalar abinci.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara mai kyau, manhajar fassara, data, da haƙuri na minti goma. Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. Sunan abinci daban, abin da ke cikin tukunya daban. Manhaja suna take fassarawa, ba ta shiga kicin.

1. Tambayi mai cin kafin ka buɗe hoton

Mutane da yawa suna fara zuƙo hoto suna karatu, alhali ba su san wa za su zaɓa wa ba. Fara da mutumin. Me ba ya ci, kuma don me? Dalilin shi ne ke nuna iyakar taka-tsantsan da za ka yi. Wanda ya ce ba ya son yaji, in aka yi kuskure zai sha ruwa ya yi tsaki, shi ke nan. Mai ciwon suga ko hawan jini, kuskuren cin dare ɗaya zai wahalar da shi. Amma wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, har leɓe ya kumbura numfashi ya sarƙe, wannan magana ce ta asibiti. Ka tambaye shi kai tsaye: in ka ci, ƙaiƙayi kawai kake yi ko ƙirji ke toshewa? Man gyaɗa ma yana taɓa ka? Kana ɗauke da maganinka?

Batun halal kuwa, kada ka ɗauka duk Musulmi ma'auninsu ɗaya. Wani naman alade da giya kawai yake gudu. Wani ba zai ci kaza ko naman sa ba sai yankan Musulmi. Wani ko kifi ne, in dai an soya shi a kaskon da aka soya alade, ba zai taɓa ba. Kai mai fassara ne, ba mai ba da fatawa ba. Naka shi ne ka gaya masa abin da ke ciki, shi da malaminsa su san inda layinsu yake.

2. Nemi hoton ƙofar shagon

Wannan matakin yakan rage rabin aikin, amma kusan kowa yana tsallake shi. Ka ce masa ya fita ya ɗauki allon da ke saman ƙofa. Haruffa biyu kake nema: 清真. Su ne alamar abincin Musulmi a China, galibi a kan allo kore. Kada ka jira ganin rubutun Larabci, domin a 'yan shekarun nan an cire shi daga allunan shaguna da yawa, aka bar na Sinanci kaɗai.

In alamar tana nan, maganar alade ta kau, saura batun lafiya. Irin waɗannan shagunan sun cika unguwar Xiaobei a Guangzhou, inda mutanenmu suka fi sauka. Akwai shagunan taliyar naman sa da ake rubuta wa 兰州拉面, wato taliyar Lanzhou, waɗanda akasari Musulmin ƙabilar Hui ke riƙe da su, kuma da wuya ka yi tafiya mai nisa a gari ba ka ga ɗaya ba. Akwai kuma gidajen abincin mutanen Xinjiang.

Gargaɗi: sunan Lanzhou ko Xinjiang shi kaɗai ba shaida ba ce. Akwai masu aron sunan don kasuwa. Haruffan nan biyu za ka nema, kuma ko a shagon da ke da su, wani yakan sayar da giyar kwalba a firiji. In ba alamar, ka ɗauka cewa kicin ɗin yana aiki da alade, ko da menu ɗin kifi ne daga sama har ƙasa.

3. Hoton da zai karantu

Harafin Sinanci ɗaya yana iya ɗaukar zane sama da goma, don haka ɗan dishi-dishi ya isa ya mayar da wani harafi wani. A shimfiɗa takardar a kan tebur, a ɗauka daga sama tsaye, ba a karkace ba. A kashe fitilar kyamara, domin yawancin menu an lulluɓe shi da leda mai ƙyalli, hasken zai ci tsakiyar shafin. Shafi ɗaya, hoto ɗaya. In rubutun ƙanana ne, a raba shafin biyu. Kan sashe ya fito, farashi ya fito, ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi su ma su fito.

Gidajen abinci da yawa yanzu ba takarda suke bayarwa ba, lambar QR ce manne a tebur, a haska ta da WeChat, manhajar saƙo ta China, menu ya buɗe a waya. Wannan ya fi sauƙi: ya ɗauki hoton fuskar wayar ya turo, rubutu tsaf. In ta WhatsApp zai turo hoton takarda, ya turo shi a matsayin fayil, don kada a matse hoton haruffa su narke. Sai dai WhatsApp da manhajojin Google ba sa aiki a kan intanet ɗin cikin China, sai da layin waje mai yawo ko wata dabara. Ku shirya wannan tun kafin ya hau jirgi, ku duka ku buɗe WeChat, shi kuma ya sauke yaren Sinanci cikin manhajar fassararsa don ta yi aiki ba data.

Ka tuna China tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7. Abincin ranarsu yana faɗowa da asubarmu, na darensu kuma da hantsi zuwa azahar.

4. Ka ciro rubutun, kada ka tsaya kan fassarar

Google Translate da WeChat da Baidu duk suna iya ɗora fassara a kan hoto, kyauta. Yi hakan sau ɗaya don ka gane sassan: ina kayan sanyi, ina miya, ina kifi, ina shinkafa da taliya. Daga nan ka sa manhajar ta ciro maka rubutun Sinancin kansa, ka kwafe shi layi-layi. Da shi za ka yi aiki, domin fassarar da ke kan hoto tana rufe harafin asali, ta hana ka ganin inda na'urar ta yi tuntuɓe.

Sunan da ka yi shakka, ka manna shi a wurin binciken hotuna ka ga abincin da idonka, sannan ka ƙara masa 做法 a gaba, wato yadda ake dafawa, ka duba kayan haɗin a girki biyu ko uku. In biyu cikin uku sun sa niƙaƙƙen nama, ka ɗauka kukun nan ma zai sa. Mai son zurfafawa ya sauke ƙamus ɗin Pleco. Shi kansa kyauta ne, ɓangaren karanta hoto ne ake saya.

5. Farautar haruffa

Ba sai ka iya Sinanci ba. Haruffa kaɗan za ka haddace da ido, kamar yadda mai kiwo ke gane shanunsa cikin garke. Alade shi ne 猪. Sa 牛, rago ko akuya 羊, kaza 鸡, agwagwa 鸭, kifi 鱼, jatan lande 虾, ƙwai 蛋.

Amma harafin da ya fi cutar da mutanenmu ba na alade ba ne. Shi ne 肉, ka dube shi kamar ɗaki da mutum biyu a ciki, ɗaya bisa ɗaya. Ma'anarsa "nama", haka manhaja za ta faɗa maka, kuma ba ta yi ƙarya ba. Sai dai a gidan abincin da ba na Musulmi ba, in aka ce nama ba a ambaci dabba ba, alade ake nufi. Kamar yadda in ka ce wa mahauci a Kano ya ba ka nama, ba zai tambaye ka na wace dabba ba, na sa zai yanko. Don haka 牛肉 naman sa ne, 羊肉 na rago, amma 肉丝 da 肉片 da 肉末, wato nama sirara, nama fale-fale da niƙaƙƙen nama, duk alade ne. A shagon da ke da 清真 kuwa, wannan harafin sa ne ko rago. Ka ga amfanin hoton ƙofa.

Sai kalmomin da alade ne tsantsa amma ko harafinsa babu a ciki. 排骨 haƙarƙari ne, kuma in ba a ce na sa ko rago ba, na alade ne. 叉烧 gasasshen alade ne mai zaƙi, abin alfaharin mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take. 火腿 da 腊肠 da 腊味 da 培根 galibi naman alade ne da aka busar ko aka sarrafa, kuma yanka su ake ƙanana a barbaɗa cikin shinkafa da ganye kamar yadda muke barbaɗa daddawa. 云吞 da 烧卖, ƙullin fulawa mai nama a ciki, su ma haka. Ko 虾饺, wanda sunansa ke cewa ƙullin jatan lande, a girkin gargajiya ana sa masa kitsen alade don ya yi taushi.

Giya tana zuwa da 酒. Wadda ake girki da ita 料酒 ce, kuma ba a rubuta ta a menu, kamar yadda ba wanda ke rubuta gishiri. Kuku yana zuba ta a nama da kifi don kashe ƙarni. Inda ta fito fili shi ne sunaye masu 醉, wato "buguwa", ko 花雕, ko 啤酒鸭, agwagwar da aka dafa da giyar kwalba. Jini kuma 血 ne, amma mutanen Guangdong suna ce wa jinin alade 猪红, "jan alade".

Gargaɗi: kada ka ga harafin sa ko kaza ka saki jiki. 牛蛙 yana ɗauke da harafin sa, amma babban kwaɗo ne. 田鸡 "kazar gona" ce a rubuce, a faranti kuwa ita ma kwaɗo. A karanta kalmar gaba ɗaya. In kuma matafiyin ya tsallaka Hong Kong, haruffan suna sauya kama: alade ya koma 豬, kaza 雞, kifi 魚.

6. Sunayen da ke yaudara

A nan na taɓa jin kunya. Farkon fara wannan taimako, wani abokina ya turo mini menu, na ga 鱼香茄子, manhaja ta ce yalo mai ƙamshin kifi. Na ce masa ai wannan lafiya lau, ganye ne da kifi. Ya kai cokali na uku sai ya ga ƙananan gutsattsarin nama a cikin miyar. Ba kifi ko ƙaya a wannan girkin na asali. "Ƙamshin kifi" sunan haɗin yaji ne na mutanen Sichuan, da tafarnuwa da citta da barkono da suga da ruwan tsami, kuma yawanci da niƙaƙƙen alade ake soya yalon. Ya yafe mini, amma har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni lafiyar kifin.

Tun daga ranar na daina yarda da abincin da ya yi kama da ganye zalla. 麻婆豆腐 awara ce cikin jar miya, amma da niƙaƙƙen nama, wani wuri na sa, wurare da yawa na alade. 干煸四季豆 koren wake ne soyayye, shi ma da shi. Duk ganyen da sunansa ya fara da 上汤 an dafa shi cikin romo, kuma romon nan da ƙashin alade da busasshen namansa ake haɗa shi tare da kaza. 扬州炒饭, soyayyiyar shinkafar da matafiyi ke gudu gare ta don ta yi kama da ta gida, jajayen gutsattsarin da ke cikinta ba karas kaɗai ba ne.

Wasu sunayen kuma tsoratarwa suke ko ban dariya. 狮子头 "kan zaki" ne, alhali curin niƙaƙƙen alade ne. 蚂蚁上树, "tururuwa na hawan bishiya", siririyar taliya ce da niƙaƙƙen nama a manne. 夫妻肺片 manhaja kan fassara shi da huhun mata da miji, amma naman sa ne da kayan ciki a yanke, cikin man barkono, da dakakkiyar gyaɗa a kai. Dokar da nake bi: sunan da bai ambaci kayan haɗi da yadda aka dafa ba, ba na ba da shawararsa sai na bincika.

7. Duba yadda aka dafa, saboda masu lalura

Yawancin sunaye suna farawa da hanyar girki, kuma nan ne mai ciwo zai samu mafita. 清蒸 turarawa ce ba tarkace, kamar yadda ake turara dambu. 白灼 tsomawa ce a tafasasshen ruwa a tsame. Waɗannan biyun su ne abokan mai suga da mai hawan jini, muddin an ajiye ruwan waken soyan da ake kwararawa a kai a gefe, domin gishirin yana cikinsa. 炒 suya ce sama-sama a kasko, 炸 kuma suya cikin mai tsundum.

Mai ciwon suga ya nisanci 糖醋, mai zaƙi da tsami, da 蜜汁 mai zuma, da 红烧, wanda jan launinsa daga suga da ruwan waken soya yake. Ko 番茄炒蛋, tumatir da ƙwai, da nake yawan zaɓa wa mutane, kuku kan jefa masa suga, sai an ce kada a sa. Miyar da ta yi yauƙi tana ƙyalli, sitaci aka kaɗa mata. Faten shinkafar da suke kira 粥 yana kama da abincin marar lafiya, amma yana ɗaga suga da sauri. Mai gyambon ciki ya guji 麻辣 da 干锅, kuma kada 水煮 ya ruɗe shi: a rubuce "dafaffe da ruwa" ne, a kwano kuwa nama ne ko kifi yana iyo cikin man barkono.

Gyaɗa 花生 ce. Tana fitowa fili a 宫保鸡丁, kaza da gyaɗa, tana kuma ɓuya a kayan sanyi masu 凉拌, da miyar 沙茶 ko 沙爹. Babbar matsalar dai mai ce. Mutanen Guangdong suna son man gyaɗa mai ƙamshi, irin namu na masu ƙuli-ƙuli, kuma ba menu ɗin da zai gaya maka da wane mai aka yi suya. Ga wanda borin jininsa mai tsanani ne, hoto ba ya wadatarwa ko kaɗan, sai an tambayi kicin. Lambar motar asibiti a China 120 ce, ya ajiye ta a waya.

8. Farashi da ma'auni

Kuɗin 元 ne, wato yuan. Lambar da ke gaban suna ba kullum take nufin kuɗin faranti ba, ka duba harafin da ke bayanta. 例 ko 份 faranti ɗaya ne. 位 kuɗin kowane mutum ne. 斤 kuwa awo ne, rabin kilo, 两 kuma giram 50. A ce an rubuta kifi 88 a kowane 斤, aka kamo wanda ya kai 斤 ɗaya da rabi, kuɗinsa ya zama 132 ke nan, ba 88 ba. Inda aka rubuta 时价 babu lamba, farashin ranar ne, a tambaya kafin a yanka kifin. A Guangzhou kuma akwai 茶位费, 'yan yuan da ake cajin kowane kai na shayi da wurin zama, ko ka sha ko ba ka sha ba. Ba cuta ba ce, al'adar garin ce, kada a yi rigima a kai.

Farantan China na tarayya ne, a tsakiyar tebur ake ajiyewa. Mutum uku, faranti uku da shinkafa sun isa. Shinkafar ma daban ake odarta, 米饭 ko 白饭.

9. Yadda za ka mayar da amsa

Mutumin yana zaune, mai kawo abinci na tsaye a kansa. Ba ya buƙatar fassarar layi sittin. Ka raba amsar kashi uku: abin da zai ci, abin da sai an tambaya, da abin da zai bari. Na farko kada ya wuce uku ko huɗu. Ka rubuta kowane suna da Sinanci yadda yake a menu, ka bi shi da bayanin Hausa na layi ɗaya, ko ka zagaye shi a kan hoton ka mayar masa. Kada ka koya masa furuci ta saƙon murya. Sinanci yare ne mai karin sauti kamar Hausa, in karin ya kauce ma'ana ta kauce. Ya nuna fuskar waya kawai.

Ga jimlolin da nake turawa. Ta farko tana cewa ni Musulmi ne, ba na cin naman alade da mansa da busasshen namansa, kuma kada a sa giyar girki:

```
我是穆斯林，不吃猪肉、猪油、火腿，请不要放料酒。
```

Ta biyu: gyaɗa tana yi mini mummunar illa, man gyaɗa ma bai yi ba:

```
我对花生严重过敏，花生油也不行。
```

Ta uku: gishiri kaɗan, mai kaɗan, ban da suga:

```
少盐少油，不要放糖。
```

Gargaɗi: kada ka tsaya kan "ba na cin nama". Ga ma'aikata da yawa, ɗan niƙaƙƙen naman da ke cikin miya ko romon da aka dafa ganye ba "nama" ba ne, kayan ɗanɗano ne. Shi ya sa jimlar farko ta ambaci mai da busasshen nama da sunayensu. In mai kawo abinci ya gyaɗa kai da sauri bai ko gama karantawa ba, a roƙe shi ya kai wayar wurin kuku.

Yadda ta kasance da kawuna a Foshan

Kawuna yana sayo tayil daga Foshan, garin da ke maƙwabtaka da Guangzhou. Yana da ciwon suga, kuma a wannan tafiyar ya je da yaron shagonsa, wanda gyaɗa ke kumbura wa fuska. Mai masana'antar da suke ciniki da shi ya ɗauke su cin abincin dare. Wajen sha ɗaya da rabi na safe a Kano hotuna suka shigo, shafi huɗu.

Na ce, "Kawu, ku fara turo mini hoton ƙofa."

Ya ce, "Kai ɗan nan, mun riga mun zauna, mutumin yana kallona."

Na ce, "Ku aiki yaron, Kawu, kamar zai amsa waya."

Hoton ya zo: tankunan kifi a bakin ƙofa, gasassun agwagi rataye a bayan gilashi tare da jan nama, ba 清真 ko'ina. Kawu ba ya cin abin da ba yankan Musulmi ba, don haka shafin kaza da sa da agwagwa ya fita gaba ɗaya, har da dafaffiyar kaza 白切鸡 da mai masaukin ke ta yabawa. Saura kifi, ganye da ƙwai. Na tambaye shi batun kasko, ya ce ya fi son abin da bai shiga kaskon suya ba in da hali.

Wannan ya taƙaita zaɓin. Na zagaye 清蒸鲈鱼, kifi turararre, da 白灼虾, jatan lande da aka tsoma a ruwan zafi, da 白灼菜心, wani ganye mai kama da alayyafo da aka yi wa haka, sai farar shinkafa, Kawu ya tsaya a rabin kwano. A kashin "a bari" na sa 上汤娃娃菜 saboda romonsa, da 扬州炒饭, da 虾饺, da tsohon abokin gabata yalo mai ƙamshin kifi. 石斑鱼 kuwa na ce kifi ne mai kyau, amma 时价 aka rubuta masa, kada Kawu ya nuna shi da yatsa alhali wani ne zai biya.

Inda na daɗe shi ne kan yaron. Turararren kifin mutanen Guangdong, bayan an sauke shi ana ɗora masa citta da ganyen albasa, a kwarara tafasasshen mai a kai ya yi ƙara, kuma sau da yawa man gyaɗa ne. Ganyen ma ana yi masa haka. Sunan bai faɗi wannan ba, hoton menu bai nuna ba. Na tura jimlar gyaɗa, na ƙara wannan, wadda ke cewa kada a kwarara mai, ruwan waken soya kuma a kawo shi daban:

```
不要淋油，酱油另外放。
```

Mai masaukin ne ya karɓi wayar ya karanta, ya miƙe da kansa ya shiga kicin. Ya dawo ya tabbatar da man gyaɗa suke aiki, soye-soyensu duka. Aka turara kifin ba mai ba giyar girki, aka kawo jatan landen da ɗan kwanon tsomi a gefe, na ce yaron kada ya tsoma, domin shi ma akwai mai a ciki. Ya ci nasa da shinkafa da yankakkiyar citta.

Washegari suka koma Xiaobei, Kawu ya sake turo hoto, wannan karon daga shagon mutanen Xinjiang mai koren allo. Minti biyu ya ɗauke ni: tsiren rago 羊肉串, da 手抓羊肉, dafaffen rago da ake ci da hannu, da gurasar 馕 guda ɗaya su raba. Na hana Kawu 手抓饭, dafa-dukan shinkafa da karas da rago mai maiƙo, saboda sugansa. Bayan awa ɗaya ya turo hoton farantin dafa-dukan, an sharce shi tas, ya rubuta a ƙasa cewa yaron ne ya ci.